Yadda Ake Bin Diyyar Inshora Idan Kamfani Ya Yi Shiru

A daren 9 ga Janairu, ana tsakiyar hunturu, wuta ta tashi a shagon injin casar shinkafar kawuna, a wani ƙauye gefen Kura. Kafin makwabta su taru da bokitai, ta cinye fiye da rabin buhunan shanshera da ke sito, ta ƙone motar injin da wayoyinsa. Da bashin banki ya sayi injin, bankin kuma ya sa masa sharaɗin yin inshorar gobara, don haka akwai takarda. Washegari ya sanar da ejan ɗin da ya yi masa inshorar. Ranar 21 ga wata mai ƙiyasta asara ya zo daga Kano, ya ɗauki hotuna, ya ƙirga buhunan da suka tsira, ya tafi. Daga nan sai shiru.

Wata biyu Kawu yana kiran ejan, kullum amsa ɗaya: “Ana kan aiki, Alhaji, a ƙara haƙuri.” Da ya gaji ya kira ni, saboda ni ke rubuta wa ƙungiyarmu ta masu casa takardu. Na tambaye shi, “Kawu, mene ne lambar fayil ɗinku?” Ya dube ni, ya ce ba a ba shi wata lamba ba. Na ce, “To takardun da kuka ba ejan, akwai kwafinsu?” Babu. A nan na gane wata biyun nan ba bin kuɗi aka yi ba, gaisuwa aka yi ta yi.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da muka bi har kuɗin ya fito. Da injin casa na yi misali, amma haka ake bi idan motar haya ce, ko sito, ko gonar da aka yi wa inshora tare da bashi. Haka kuma idan takaful ne, wato inshorar Musulunci, domin hukuma ɗaya ke kula da su duka.

Ka fara sanin inda fayil ɗin ya tsaya

Mafi yawanmu a nan muke ɓata lokaci. Mutum yana ta cewa “sun ƙi biya na”, alhali maganar ba ta ma kai ga biya ba. Diyya tana bin zango-zango. Ka sanar da asara, kamfani ya buɗe fayil ya ba shi lamba. Ka cike fom ka kai takardu. Mai ƙiyasta asara ya zo ya duba ya rubuta rahoto. Kamfani ya duba rahoton ya yi maka tayin adadin da zai biya. Idan ka yarda, ka sa hannu a baucar sallama, wadda za ka ga an rubuta mata `Discharge Voucher` a sama idan an turo ta waya ko imel. Sai bayan wannan ake tura kuɗi. Kowane zango da mai riƙe da shi, kuma wanda za ka matsa wa ya danganta da inda maganar ta maƙale.

Don haka tafiyarmu ta farko ba ta rigima ba ce. Muka shiga mota muka je ofishin kamfanin a Kano, tunda zuwa da kai ya fi aike. Muka wuce teburin masu sayar da inshora muka nemi mai kula da diyya. Bayan gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe, abu uku muke so mu sani: lambar fayil ɗinmu, takardun da suka iso gare ku, da waɗanda kuke jira.” Ya buɗe kwamfuta ya duba. Ashe rahoton ’yan kwana-kwana da rasit ɗin sayen injin, waɗanda Kawu ya miƙa wa ejan tun Janairu, ba su taɓa isa ba. A wurinsu mu ne muka yi shiru.

Ka roƙi jami’in ya rubuta maka abin da ya rage a takarda, ko ya turo ta saƙon waya. Dalili shi ne akwai wata ɗabi’a ta neman takardu ɗaiɗai: yau a ce rahoton ’yan sanda, ka kawo, mako biyu a ce katin shaida, ka kawo, a ce ƙiyasin makanike. Idan jerin yana hannunka a rubuce, ka kai duka rana ɗaya, ƙofar jeka-ka-dawo ta rufe.

Ka kuma tambayi abu ɗaya a wannan zama: ko kuɗin inshorar shekarar ya shiga asusun kamfani kafin ranar asarar. Ƙa’idar ita ce idan ba a biya kuɗin ba, babu kariya. Idan ka ba wani kuɗi a hannu bai kai ba, gara ka sani yau da ka sani bayan wata shida. Rasit ɗin kamfani ko shaidar tura kuɗi ta banki ita ce garkuwarka. Na Kawu banki ne ya cire ya tura, don haka muka tsira daga wannan.

Daga ranar na sayi littafi mai bango na ’yan makaranta da jakar leda mai zif. Duk kira sai na rubuta rana, da wanda na yi magana da shi, da abin da ya ce. Duk takardar da za mu kai sai mun yi mata kwafi biyu, a karɓi ɗaya, a buga mana hatimi da kwanan wata da sa hannu a ɗayar. Wannan kwafin mai hatimi shi ne komai. Idan mai karɓa ya ce babu buƙata, ka yi murmushi ka ce na ajiyar gida ne, kada ka tashi sai ya buga. Asalin takarda kuwa, kamar rasit ɗin injin, ka nuna ta a gani amma kwafi za ka bari.

Baucar sallama: karanta kafin ka sa hannu

Da takardu suka cika, tayi ya fito a ƙarshen Maris. Kawu ya nemi naira 4,400,000: miliyan 2 na gyaran injin, 2,400,000 na shinkafar da ta ƙone. Kamfani ya ce zai biya 3,150,000. Ran Kawu ya ɓaci, ya ce an cuce shi. Muka nemi a ba mu lissafin a rubuce, sai ga yadda yake. Sun amince da miliyan 2 na injin. Amma shinkafar da ke sito daren gobarar ta kai ta miliyan 4, shi kuwa ta miliyan 2 da rabi ya yi wa inshora. Idan abin da ka yi wa inshora bai kai ƙimar kayan ba, kamfani yana biyan asararka ne daidai da wannan rabon, don haka 2,400,000 ta koma 1,500,000. Jimla 3,500,000. Sannan a takardar yarjejeniyar akwai kashi 10 cikin 100 da mai kaya ke ɗauka da kansa a kowace asara, wato 350,000. Abin da ya rage ke nan. Da ciwo, amma lissafin daidai yake da abin da aka sa wa hannu tun farko, kuma na gaya wa Kawu haka ba tare da kwana-kwana ba.

Na tsaya a kan wannan ne saboda baucar sallama tana ɗauke da kalmomin da ke cewa ka karɓi wannan adadi a matsayin cikakken biya na ƙarshe. Idan kana da ja a kan adadin, kafin sa hannu ake yi, a rubuce, da hujja. Bayan ka sa hannu, jayayyar adadi ta yi wuya ƙwarai. Kada kuma ka taɓa sa hannu a baucar da gurbin kuɗinta yake babu komai, ko wa ya ce za a cike daga baya.

Amfaninta kuma babba ne. Ita ce shaidar cewa kamfani ya amsa bashin da bakinsa. Daga ranar ba roƙo kake yi ba, bashi kake bi. Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki lokacin da muka yi namu, ta ce idan kamfani ya amince da diyya ya biya cikin kwana 90 daga fitar da baucar, idan kuma bai amince ba ya faɗi dalilinsa a rubuce. A shekarar 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora da ta maye gurbinta, ta kuma ƙara matsa wa kamfanoni a kan biyan diyya da wuri. Don haka wanda ya wuce kwana 90 da bauca a hannu ba shi da abin da zai jira.

Kawu ya sa hannu muka mayar ranar 4 ga Afrilu, aka buga mana hatimi a kwafinmu. Jami’in ya ce mako biyu. Na rubuta a littafi.

Mataki na farko: tuni cikin ladabi

Ranar 18 ga Afrilu babu alat. Na kira jami’in, na gaishe shi da aiki, na ce, “Yallaɓai, mun ji shiru ne muka ce bari mu tuna muku.” Ya ce fayil yana hedikwata, wurin masu biya. Na yi godiya, na tambaye shi ranar da zan sake kira. Da na kashe waya na tura masa saƙo: “Na gode da zantawarmu ta yau, 18 ga Afrilu, a kan fayil mai lamba kaza. Kun ce yana sashen biya a hedikwata, kuma in sake tuntuɓa ranar 25. Allah ya taimaka.”

Wannan ɗan saƙon bayan kira shi ne dabarar. Maganar waya iska ce, amma da ka mayar da ita rubutu ka tura masa, ta zama shaida, kuma babu wanda ka ɓata wa rai. Sau ɗaya a mako ya isa. Mai kira sau biyar a rana, da daddare da asuba, lambarsa kawai ake daina ɗauka.

Ladabin nan ba rauni ba ne. Jami’in reshe sau da yawa ba shi ke sakin kuɗi ba. Abin da yake iya yi shi ne ya tura tuni sama, ya kuma faɗa maka gaskiyar inda abu ya tsaya. Idan ka zage shi ka rasa idonka na cikin gida. Kuma duk abin da ka rubuta, wata rana wani babba zai iya karanta shi. Gara ya tarar da mutum mai haƙuri da aka ja wa rai, da ya tarar da mai ashar.

A wannan mataki ka tabbatar da ƙananan abubuwan da ke riƙe kuɗi: sunan da ke asusun banki ya yi daidai da na takardar inshora, lambar asusun ba a yi kuskuren ko ɗigo ba, asusun kuma ba mai iyakar kuɗin shiga ba ne. Ƙaramin asusun da aka buɗe da lambar waya kawai yana iya ƙin karɓar miliyoyi.

Abu ɗaya kuma: idan wani ya raɗa maka cewa ka kawo na goro a motsa fayil, kada ka bayar. Haƙƙinka ne, kuma ranar da ka ba da ko sisi ka raunana duk ƙorafin da za ka kai gaba.

Mataki na biyu: wasiƙa

Ranar 25 aka ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa aka ce manaja ya yi tafiya. Da kwana 30 suka cika, farkon Mayu, muka koma rubutu. Da Turanci kamfanoni ke aiki, don haka idan ba ka rubuta shi, ka sami malamin makaranta ko sakataren ƙungiya, ka faɗa masa da Hausa ya juya, ya karanta maka kafin ka sa hannu. Sunan mai inshorar ne zai fito a ƙasa, ba na marubuci ba. Tamu ga manajan reshe muka aika, kuma ga abin da ta ƙunsa:

“Ina rubutowa a kan diyyar gobarar da ta auku a shagona ranar 9 ga Janairu, fayil mai lamba kaza, yarjejeniya mai lamba kaza. Kun amince da biyan naira 3,150,000, na sa hannu a baucar sallama na mayar muku ranar 4 ga Afrilu, ga kwafi nan. Har yau kuɗin bai shigo ba. Ina roƙon ku sanar da ni a rubuce, cikin kwana 7, ranar da za a biya, ko abin da ya rage daga ɓangarena idan akwai.”

Shi ke nan. Shafi ɗaya. Kawu ya so mu saka yadda ya yi shekaru yana mu’amala da mutane da gaskiya, da yawan iyalin da yake ciyarwa. Na ce, “Kawu, ku yi haƙuri, duk gaskiya ne, amma mai karantawa lamba da rana yake nema.” Wasiƙar bin bashi idan ta yi tsawo, tambayar da ke cikinta ɓacewa take yi.

Ka lura da wannan jimla ta ƙarshe, ta “abin da ya rage daga ɓangarena”. Idan sun yi shiru a kanta, gobe ba za su ce kai ne ba ka cika takarda ba.

Idan ta hannun dillalin inshora mai rajista ka shiga, ka ba shi kwafi ka ce ya rubuta nasa. Dillali wakilinka ne, bin diyya yana cikin aikinsa, kuma kamfani yana jin maganarsa saboda yana kawo masa ciniki. Ejan kuwa na kamfani ne. Yana iya taimakawa, amma kada ka rataya duk maganarka a wuyansa kamar yadda Kawu ya yi.

A ranar muka rubuta wa banki ma. Wannan mutane da yawa suna mantawa. Injin yana tsaye, shinkafar rani ta fara shigowa daga gonakin Kadawa, masu casa na makwabta suna aiki har dare, bashin Kawu kuwa yana ta hawa. Muka sanar da bankin halin da ake ciki, muka haɗa kwafin baucar, muka roƙi su ɗaga masa ƙafa, su kuma tuntuɓi kamfanin da kansu. Tunda sunan bankin yana cikin takardar inshorar a matsayin wanda za a fara biya, kuɗinsu ne su ma ya maƙale.

Mataki na uku: hedikwata, da wa’adi

Kwana 7 suka wuce babu amsa. Ranar 19 ga Mayu muka aika wa shugaban sashen diyya a hedikwata, muka haɗa wasiƙar farko mai hatimi, muka ba manajan reshe kwafi don kada ya ce an zagaye shi. Kowane kamfanin inshora yana da teburin karɓar ƙorafin abokan hulɗa, adireshinsa na imel yakan kasance a takardar yarjejeniya ko shafin kamfanin, can ma muka tura. Amsa ta zo a layi biyu: an karɓa, ana dubawa. Ba kuɗi ba ne, amma na buga ta na saka a jaka, domin yanzu hedikwata ba za ta ce ba ta sani ba.

Tunda hedikwata ba wurin da za ka je a buga maka hatimi ba ne, ka aika ta kamfanin kai saƙo ko gidan waya da rajista, ka adana rasit mai lambar bibiya. Imel da takarda duka biyu, kada ka zaɓi ɗaya.

Ranar 3 ga Yuni, kwana 60 cif, muka rubuta ta ƙarshe ga Manajan Darakta. A nan murya take sauyawa, amma ba ta tashi. Muka jera ranaku ɗaya bayan ɗaya: gobara, sanarwa, zuwan mai ƙiyasi, bauca, kira, wasiƙa ta ɗaya, ta biyu. Sannan muka ce: “Idan ba a biya ba cikin kwana 14 daga ranar wannan wasiƙa, zan kai ƙorafi ga Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa.”

Kada ka yi barazanar abin da ba za ka aikata ba. Wanda ya ce zai kai kotu gobe, zai tara ’yan jarida, zai kawo ’yan sanda, sannan bayan mako ya sake kira yana roƙo, ya nuna musu cewa kurarinsa ba ya cizo. Ka faɗi mataki ɗaya da kake da ikon ɗauka, ka sa masa rana, ranar ta zo ka ɗauka. ’Yan sanda ma ba hurumin su ba ne, wannan maganar yarjejeniya ce ba laifi ba, sai dai idan wani ya karɓi kuɗinka ya cinye ko ya ba ka takardar bogi. Shiga rediyo ko soshiyal midiya kana kiran mutane ɓarayi kuwa yana iya juyowa kanka da ƙarar ɓata suna, ga shi ba ka karɓi naka ba.

Wasu sukan fara da hakimi ko ɗan majalisa. Ban hana ba, wani lokacin kiran babba yana motsa abu. Amma alfarma ba ta barin sawu a fayil. Idan ta yi aiki, madalla. Idan ba ta yi ba, kana nan inda kake, don haka kada ta sa ka daina rubutu.

Mataki na huɗu: hukuma

NAICOM, wato Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, ita ke ba kamfanonin inshora da na takaful lasisi, ita ke kuma hukunta su. Hedikwatarta tana Abuja, tana da ofishin shiyya a Kano, tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma ba a biyan kuɗi a kai ƙara. Ƙarfinta ba a baki kaɗai yake ba: kowane kamfani yana da kuɗin ajiya na dole a Babban Bankin Najeriya, dokar 2003 kuma ta ba hukumar ikon biyan mai diyya daga wannan ajiya idan kamfani ya amince da bashi ya ƙi biya. Shi ya sa wasiƙa daga can ba a ajiye ta a ƙasan tire.

Wa’adinmu ya cika 17 ga Yuni. Aka kira mu aka ce an sa hannu, saura turawa. Kawu ya ce a ƙara musu, tunda kwana 90 na doka sun kusa, na yarda, amma na sake tura saƙon “na gode da zantawarmu”. Ranar 3 ga Yuli kwana 90 suka cika daga ranar da muka mayar da baucar. Ranar 7 muka kai ƙorafi.

Ga Kwamishinan Inshora ake rubutawa, shi ne shugaban hukumar. Shafi ɗaya na bayani: wane ne kai, wane kamfani, lambobin yarjejeniya da fayil, nawa, tun yaushe, me kake so a yi. Mu cewa muka yi a umarci kamfani ya biya naira 3,150,000. A bayansa muka jera kwafe bisa tsarin ranaku, kowanne da lamba a kusurwa: takardar yarjejeniya, shaidar biyan kuɗin shekara, fom ɗin diyya, rahoton ’yan kwana-kwana, tayin kamfani, bauca, wasiƙu uku da shaidar isarsu, da hotunan saƙonnin waya. Muka aika wa kamfanin kwafin ƙorafin. Jami’in da ya karɓa ya juya shafukan ya ce, “Kun sauƙaƙa mana aiki.” Abin da hukuma ke fara tambaya ke nan, ko ka nemi kamfanin ya warware tukuna. Mai zuwa hannu rabbana, da labari kawai, mayar da shi ake yi ya fara daga tushe.

Hukumar takan rubuta wa kamfani ta nemi bayani, idan akwai jayayya ta kira ɓangarorin biyu zama. Ka karɓi lambar ƙorafinka, ka riƙa bibiya duk mako biyu da irin ladabin farko.

Akwai wasu ƙofofin idan ana buƙata. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya, NIA, tana da nata ofishin sauraron ƙorafi. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama’a mai ofis a Kano da Dutse, ita ma kyauta. A ganina kada ka watsa ƙorafi ko’ina rana ɗaya. Ka fara da mai riƙe da lasisin kamfanin, sauran su zama na gaba.

Kotu ita ce ƙarshe, kuma a nan lauya ya zama dole. Amma tun kafin ka kai can, ka sa a karanta maka sharuɗɗan takardar yarjejeniyarka, musamman idan kamfani ƙin amincewa ya yi da diyyar gaba ɗaya. Takardun inshorar gobara da yawa suna ɗauke da wa’adin shigar da ƙara bayan an ƙi diyya, wani ’yan watanni ne kawai, wasu kuma suna cewa saɓanin adadi sai an fara kai shi gaban mai sasantawa. Wasiƙun da kake ta aikawa ba sa tsayar da wannan agogo. Mai takardar ƙin biya a hannu kada ya bi matakan nan a hankali kamar yadda muka bi, ya haɗa ƙorafin hukuma da ganin lauya a mako guda.

Ranar da kuɗi ya shigo

Ranar 29 ga Yuli da hantsi Kawu ya kira ni, muryarsa a sama. Alat ya shigo na 3,150,000, bayan minti kaɗan wani ya biyo na cire 1,100,000. Ya ce, “Ka ga sun sake yi min!” Na ce, “Kawu, wannan bankinku ne, ragowar bashin injin ya ɗauka, haka aka rubuta tun ranar da kuka karɓi bashin.” Duk da haka muka je muka nemi bayanin asusu, muka duba cewa abin da aka cire ya yi daidai da bashin da ya rage, muka karɓi takardar shaidar an gama biya. Naira 2,050,000 ta rage masa.

Muka rubuta layi uku ga hukumar cewa an biya ranar kaza, adadi kaza, a rufe ƙorafin, muka gode. Na kira jami’in reshen nan ma na yi masa godiya, domin shi ya fara gaya mana gaskiyar takardun da suka ɓace. Sannan muka zauna da Kawu muka ƙirga buhu nawa sitonsa ke ɗauka a tsakiyar kaka, ba a ƙarshen damina ba, muka sabunta inshorar a kan wannan adadi. Makanike ya ɗaura sabuwar motar injin a mako na biyu na Agusta, jakar ledar kuma tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Kawu, ba a shago ba.